Ka biya da katin banki, kaya ba su zo ba

A ce ka biya Naira 45,000 da katin Visa ko Mastercard a wani kantin intanet, aka yi maka alkawarin takalma cikin mako biyu, sai shiru. Bankin da ya ba ka katin zai iya janyo kuɗin daga bankin mai kantin, amma sai ka nemi hakan.

Fara da rubuta wa mai kantin, domin banki zai tambaya ko ka yi. Sannan ka kai ƙorafi banki a rubuce, ka haɗa da rasit, saƙon cire kuɗi, ranar da aka yi alkawari da hotunan hirarku. Ka faɗi a fili cewa kai ka biya, kaya ne ba su iso ba. Wanda ya ce an sace masa kuɗi alhali shi ya biya, cikin sauƙi mai kanti zai kayar da shi.

Wa'adin yawanci kwana 120 ne daga ranar da kayan ya kamata su iso, shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke ta ba da haƙuri har ya wuce. In kuwa taransfa ka yi zuwa asusunsa, wannan hanyar ba ta shafe ka ba.