Turanci a baki, Hausa a ciki: yadda ake tace wasiƙar imel

Wasiƙar da ta fi wuyar gyara ita ce wadda babu kuskuren harafi ko ɗaya a cikinta. Kwamfuta ba za ta ja mata jan layi ba, domin kowace kalma Turanci ce, amma ginin na Hausa ne. A ce wani ma'aikaci a Kano zai nemi aron babur daga wata ƙungiya da baƙuwa daga Ingila ke shugabanta, sai ya rubuta:

"Well done. My manager he said you should borrow us the machine that we used it last week."

Bahaushe zai gane wannan nan take. Baturiyar kuwa tun daga gaisuwa za ta rikice, domin "sannu da aiki" ce aka juya, ita kuma a wurinta "well done" yabo ne ga wanda ya gama wani abin kirki.

Babban haɗarin yana wajen kalmomin da ke kama da namu amma ma'anarsu ta bambanta. Mun ari "mashin" muka ba babur, alhali "machine" na iya zama injin niƙa ko na ɗinki, don haka "motorcycle" ya kamata. Haka kuma "aro" ɗaya gare mu, ko kai ke bayarwa ko kai ke karɓa, amma Turanci ya raba su: mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". A ganina nan ya fi cancantar a tsaya, musamman in maganar kuɗi ce, don kuskuren kan juya wanda ke bi da wanda ake bi. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da ƙarin nasu daga Faransanci: "demander" roƙo ne, "demand" kuwa neman abu ne da gadara.

Sai ginin jimla. Muna cewa "manaja ya ce", suna da wakilinsa tare, shi ya haifi "manager he said". Muna cewa "da muka yi amfani da shi", kuma wannan "shi" ɗin ne ya koma "it" a ƙarshe. Turanci ba ya son ko ɗaya, a goge su. Ita ma "you should" umarni ce a kunnen mai karatu, ba roƙo ba.

Hanyar kama su ita ce ka mayar da kowace jimla Hausa a zuci, kalma bayan kalma. In ta zauna daram ba tare da ka sauya wa komai wuri ba, to sake dubanta. Bayan tacewa, wasiƙar ta zama:

"Good morning. My manager has asked whether you could lend us the motorcycle we used last week."