Takardar da Manaja ya manna a ƙofar sito

Mako uku kafin azumi na shiga wani kantin kayan masarufi a Kano, sai na tarar da yaran kantin sun yi cirko-cirko a ƙofar sito suna karanta wata takarda da aka manna da salatif. Ni ma na leƙa. Ga abin da ke ciki, gwargwadon yadda na riƙe:

"Zuwa ga dukkan ma'aikata. Assalamu alaikum. Daga ranar 1 ga Ramadan, wato washegarin daren da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, lokutan aiki za su canza. Masu aikin safe, maimakon ƙarfe 8 zuwa 3, za su koma 10 zuwa 5. Masu aikin yamma, maimakon 3 zuwa 10, za su koma 4 zuwa 11 na dare. Za a rufe kanti awa ɗaya da magariba domin shan ruwa da salla. Dalili: a azumin bara littafin ciniki ya nuna kusan ba ma sayar da komai kafin ƙarfe 10, ga janareta na shan gas a banza, alhali bayan la'asar da bayan tarawi mutane kan yi mana yawa. Albashi da ranar hutun kowa suna nan yadda suke. Bayan salla za mu koma tsohon tsari. Duk mai uzuri ya same ni kafin Juma'a mai zuwa."

Sai sa hannu da kwanan wata. Ba ta cika rabin shafi ba.

Na sha ganin irin waɗannan takardu, kuma mafi yawansu kan buɗe da "saboda wasu dalilai" su rufe da "dole kowa ya bi". Wannan ta fi su, kuma wurin da ta fi su shi ne dalilin. Kashiyar da ta yi azumin bara a kantin ta san gaskiya ne, domin ita ce ke zama tana hamma daga ƙarfe 8 har hantsi ba wanda ya shigo sai mai neman canji. Dalilin da ma'aikaci zai iya gwadawa da abin da idonsa ya gani ba ya jawo ƙananan maganganu. Amma in aka ce masa "domin inganta aiki", nan take zai fara lissafin cewa wani ake son kora, ko kuma ana so a ƙara masa aiki ba a ƙara masa ko sisi ba.

Ku lura kuma da ranar farawa. Manajan bai sa kwanan watan Bature ba, don ba wanda ya san ko Sha'aban zai yi 29 ko 30. Da ya sa rana tsayayya, ana iya wayar gari da azumi rabin yaransa sun zo ƙarfe 8, rabi suna gida suna barcin bayan sahur.

Awa ɗaya ɗin nan da ɓangarorin biyu ke haɗuwa, daga 4 zuwa 5, ba kuskure ba ne. A tsohon tsari mai safe na fita ƙarfe 3, mai yamma na shigowa ƙarfe 3, a tsaitsaye ake miƙa aljihun tebur, kuma da an samu giɓin naira dubu biyu sai a rasa wuyan wanda za a rataya wa. Yanzu akwai sararin ƙirga kuɗi, a haɗa da rasit ɗin na'urar POS, kowa ya sa hannu. Ga shi lokacin ne ake layin sukari da dabino da madara da ƙanƙara, hannu biyu sun fi ɗaya.

To, doka fa? Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce ana tsayar da lokutan aiki ne bisa yarjejeniya, ba mai gida kaɗai ke yankewa ba, kuma duk awar da ta haura abin da aka tsayar ƙarin lokaci ce. Sashen ya kuma ce wanda ke aikin awa 6 ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, sannan a kowane kwana 7 ya samu hutun awa 24 a jere. Sashe na 7 kuwa ya ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata sanar da canjin sharuɗɗan aiki a rubuce, kada ya wuce wata ɗaya bayan canjin. Wato dokar ma ta yarda takarda ta biyo baya. Mai hankali dai ba ya jiran hakan, don wadda za ta nemi mai ɗauko mata yara daga Islamiyya tana bukatar makonni, ba kwana biyu ba. Jumlar ƙarshe ta takardar, ta masu uzuri, ita ce ƙofar yarjejeniyar da doka ke magana.

A wannan ma'auni takardar ta bar rami guda. Masu yamma sun samu hutunsu da magariba, amma masu safe, da su ma awa 7 suke yi, ba a ce komai game da nasu ba. Ƙila Manaja ya ɗauka mai azumi ba ya bukatar hutun cin abinci. Amma akwai azahar, akwai kuma ma'aikata biyu Kiristoci da ba sa azumi.

Babban ramin kuwa wani yaro mai jera kaya ne ya tono shi, ina tsaye. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun tashi sha ɗaya, me za mu hau?" A Yulin 2022 gwamnatin Kano ta sanar da hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga 10 na dare zuwa 6 na safe. Ko da mutum ya yi sa'a ya samu abin hawa a wannan lokaci, kuɗin dare ba na rana ba ne, balle tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Yaron a Rijiyar Zaki yake. Albashi na nan yadda yake a takarda, amma in kuɗin motarsa ya ninka na kwana 30, an rage masa albashi ke nan ba tare da an faɗa ba. Sha ɗayan ma ta rufe ƙofa ce, kafin a ƙirga kuɗi a kashe janareta an ci wasu minti 20.

Manajan bai yi gardama ba. Ya ce, "Kai, wallahi ban kawo wannan a raina ba," domin shi da motarsa yake zuwa.

Da na koma bayan kwana huɗu, an manna wata takardar a ƙarƙashin ta farko. Masu safe za su riƙa fita hutun azahar biyu-biyu, awa ɗaya kowane. Motar da ke ɗauko kaya daga Singa za ta sauke masu yamma a manyan titunan unguwanninsu. Mata uku da gidajensu suka ce ba su yarda da dawowar dare ba an bar su a safe duk watan, sauran kuma za su riƙa juyawa mako-mako, kuma canjin zai faɗo ne bayan ranar hutun mutum, don kada wanda ya tashi sha ɗaya ya koma jadawalin safe bai warware gajiya ba. A ƙasa an ja layi goma sha biyu, kowa ya sa hannu cewa ya karanta. Goma sha ɗaya sun sa. Layin mai gadi ne ba komai, shi nasa aikin sai an rufe yake farawa, kuma har lokacin ba wanda ya gaya masa ko ƙarfe 10 zai ci gaba da zuwa ko 11.