Takardar Waifai a Jikin Firij

Shirin na yau ya duba 'yar takardar da maigida ko uwargida ke rubuta wa iyali idan an sauya kalmar sirrin waifai, wato kalmar da waya ke nema kafin rauta, akwatin da ke rarraba intanet a gida, ta ba ta hanya. Abu uku takardar ke ɗauka: kalmar, ƙa'ida da lokaci, amma a kan kalmar aka fi yin tuntuɓe.

Tsarin tsaro na WPA2, wanda galibin rautoci ke amfani da shi, yana karɓar haruffa 8 zuwa 63, kuma yana bambanta babban harafi da ƙarami. A nan Bahaushe ke da tasa matsalar ta daban, domin idan aka zaɓi kalma mai harafi mai lanƙwasa, kamar ƙofa ko ɗaki, akwai wayoyi da talabijin da allon rubutunsu ba shi da ƙ ko ɗ, sai mutum ya buga k, rauta kuwa ta ƙi shi ko da sau goma ya maimaita. Don haka kalma irin `Tuwo-Gyada-47` da `d` marar lanƙwasa ta fi kwanciyar hankali, muddin takardar ta faɗi cewa haka aka rubuta ta, ta nuna `T` da `G` manya ne, an kuma guji sifili da babban harafin `O`, waɗanda a rubutun hannu tamkar Hassan da Hussaini suke.

Akwai kuma layin da masu rubutu kan manta. Idan sunan waifai bai sauya ba, wayar kan ci gaba da gwada tsohuwar kalma, har yara su ɗauka an toshe su ne da gangan. Maganin shi ne a shiga saitin Wi-Fi, a danna `Forget`, sannan a buga sabuwa.

Ƙa'idar da ta fi nauyi ita ce kada a ba na waje, kuma dole ne ta ambaci hoton QR, tunda daga Android 10 waya na iya miƙa kalmar ga wata wayar ba tare da kowa ya furta ta ba, har yaro ma ya rantse bai faɗa wa kowa ba, gaskiyarsa kuwa.

Batun lokaci, in takardar ta ce daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, sai a duba cewa agogon rauta na kan GMT+1, lokacin Najeriya da Nijar, domin wasu rautocin kan rasa lissafin lokaci idan an ɗauke wuta, har sai sun sake haɗuwa da intanet.