Kamfanonin da Suka Mutu Ba Sa Shiga Lissafi

A ce mai bincike ya ɗauki kamfanonin da ke cikin jerin S&P 500 na Amurka a yau, ya gwada dabarar "sayi hannun jarin da farashinsa ya faɗi warwas" a kan bayanan shekaru 30 da suka wuce. Sakamakon zai yi kyau matuƙa. Apple ya kusa durƙushewa a 1997, sannan ya farfaɗo, saboda haka dabarar za ta yi kama da ta gwani.

To amma ina Enron, wanda ya karye a 2001? Ina Lehman Brothers, da ya rushe a Satumban 2008? Dukansu sun taɓa zama cikin jerin, farashinsu ya faɗi, kuma dabarar da ta umarci mutum ya saye su. Sai dai ba sa cikin jerin yau, don haka asararsu ba ta shiga lissafi. Gwajin ya san waɗanda za su rayu tun kafin ya fara, abin da mai zuba jari na wancan lokacin bai sani ba.

Maganin shi ne a yi amfani da jerin kowace shekara yadda yake a lokacin, har da kamfanonin da aka cire daga kasuwa, a kuma lissafa farashinsu na ƙarshe ko da sifiri ne.