Marasa lafiya 40 a rana: sau nawa za su kai 120?

A ce an damƙa maka ƙaramin asibiti na karkara, kuma abin da ka gada daga wanda ka canja shi ne magana guda: matsakaicin masu zuwa ganin likita mutum 40 ne a rana. Littafin rajista ya ɓace. Ma'aikatanka da maganin da ke ajiye suna iya ɗaukar mutane har su kusa 120, daga nan kuma sai abin ya fi ƙarfinku. Sau nawa za a wayi gari mutum 120 ko fiye sun taru a bakin ƙofa?

Da yawa za su ce ba a iya cewa komai, tunda matsakaici ba ya nuna yadda ranaku suka bambanta. Amma ana iya cewa wani abu, kuma tabbatacce: irin wannan rana ba za ta wuce ɗaya cikin uku ba.

Ga dalili. Ɗauki wata mai kwana 30. Idan matsakaicin 40 ne, jimillar waɗanda suka zo a watan 1,200 ke nan. Kowace ranar cunkoso tana cinye aƙalla 120 daga wannan jimilla. Raba 1,200 gida 120, ka sami 10. Ranakun cunkoso ba za su kai 11 ba, domin 11 sau 120 ya zama 1,320, ya zarce adadin mutanen da suka zo gaba ɗaya. Kwana 10 cikin 30 kuwa sulusi ne. Wannan ita ce ƙa'idar Markov, kuma a rubuce take haka:

`P(X ≥ a) ≤ μ / a`

`X` shi ne abin da ake ƙirgawa, `μ` matsakaicinsa, `a` iyakar da ake tsoron a kai, `P` kuma yiwuwar faruwar abin. A asibitinmu 40 bisa 120 ne. Idan matsakaici kaɗai ke hannunka, ba wanda zai iya ba ka tabbaci mafi ƙanƙanta daga wannan, domin akwai watan da zai cika iyakar cif: kwana 10 mutum 120 suna zuwa, kwana 20 ba ko mutum ɗaya. Wata ne mai ban mamaki, amma matsakaicinsa 40 ne.

Ƙa'idar tana da sharaɗi guda, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Dole abin da ake ƙirgawa ya zama ba ya sauka ƙasa da sifili. Yawan mutane, nauyin buhu, tsawon jira a layi, duk sun cika sharaɗin. Riba ba ta cika ba, domin akwai faɗuwa. A ce ɗan kasuwa ya ci ribar naira 5,000 kullum har kwana 9, a rana ta goma ya yi asarar naira 35,000. Abin da ya rage masa 10,000 ne, wato matsakaicin 1,000 a rana. Wanda ya ɗauko ƙa'idar ido rufe zai ce ranakun ribar 5,000 ba za su wuce ɗaya cikin biyar ba, alhali tara ne cikin goma. Asarar rana guda ce ta janyo jimillar ƙasa, shi ya sa lissafin rabon da muka yi a sama ya rushe.

Sunan Andrey Markov ne ya bi wannan ƙa'ida, amma tana cikin aikin malaminsa, Pafnuty Chebyshev na jami'ar Saint Petersburg a Rasha, wanda ya rayu daga 1821 zuwa 1894. Ƙa'ida ta biyu, wadda ke ɗauke da sunan Chebyshev, ya wallafa ta a 1867, sai dai Bafaranshe Irénée-Jules Bienaymé ya riga shi tun 1853. Saboda haka wasu littattafai ke haɗa sunayen mutanen biyu.

Sulusi babban adadi ne: kwana 121 a shekara. Tabbaci ne, amma ba wanda zai tsara aikin asibiti a kansa. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda ranaku ke nisa da matsakaici. A ce yanzu an tsinto rajistar, kuma don lissafi ya yi sauƙi mu ɗauki kwana biyar da suka yi kama da sauran: 25, 35, 40, 45, 55. Matsakaicinsu 40. Tazarar kowace rana daga 40 ita ce 15, 5, sifili, 5, 15. Ninka kowace tazara da kanta: 225, 25, sifili, 25, 225. Jimilla 500, a raba gida biyar, 100. Wannan 100 ita ce ma'aunin warwatsuwa, ana rubuta ta `σ²`. Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 100, wato 10, ita ce `σ`, ana kiranta sigma. Ana iya ɗaukarta a matsayin tazarar da rana ta saba yi daga matsakaici.

Dabarar Chebyshev tana da daɗin gani, don ba sabon makami ya ƙera ba. Tazarar da aka ninka da kanta ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, ko da abin da ake aunawa riba ce da asara. Ke nan ƙa'idar Markov tana aiki a kanta. Ranar da mutum 120 suka zo, tazararta 80 ce, a ninka ta da kanta 6,400. Matsakaicin irin waɗannan lambobi kuwa mun ga 100 ne. Saboda haka ranakun da za su kai 6,400 ba su wuce 100 bisa 6,400 ba, wato ɗaya cikin 64.

`P(|X − μ| ≥ t) ≤ σ² / t²`

A nan `t` ita ce tazarar da ake tambaya a kanta. Daga kwana 121 a shekara mun sauko ƙasa da kwana 6, albarkacin lamba ɗaya tak da muka ƙara sani. Asirin yana cikin ninkin: idan tazara ta ninka biyu, iyakar tana raguwa sau huɗu. Nisan sigma biyu daga matsakaici ba ya wuce ɗaya cikin 4, sigma uku ɗaya cikin 9, sigma biyar ɗaya cikin 25, kowane irin abu ake aunawa, muddin yana da sigma.

Mai riƙe da asibiti ya fi bukatar tambayar a juye: mutum nawa zan yi wa tanadi don kada ranakun da za a fi ƙarfina su wuce ɗaya cikin 25? Da Markov, sai 40 bisa tanadin ya zama ɗaya bisa 25, wato tanadin mutum 1,000, abin da ba mai kuɗin yi. Da Chebyshev, sigma biyar ake so sama da matsakaici: 40 da 50, mutum 90.

Kada a ɗauka ta biyun kullum ta fi ta farko. Tambayi yiwuwar a kai mutum 50. Tazarar 10 ce, daidai da sigma, sai Chebyshev ta ba da 100 bisa 100, wato ba ta ce komai ba, Markov kuwa ta ce huɗu cikin biyar. Haka ma watan nan na kwana 10 cike, kwana 20 wayam: warwatsuwarsa 3,200 ce, don haka Chebyshev za ta ba da rabi, Markov ta ba da sulusi, wanda shi ne gaskiyar watan. Tunda dukansu tabbatattu ne, sai a lissafa biyun a ɗauki ƙarami. Wani ɓangare na raunin Chebyshev shi ne tana haɗa ɓangarori biyu, ranar da aka yi yawa da ranar da aka yi kaɗan, alhali mu yawan ne ya dame mu. Akwai gyaran da ke ɗauke da sunan Francesco Cantelli, ɗan Italiya, wanda ke duban sama kaɗai: `σ² / (σ² + t²)`. A tambayar mutum 50 yana ba da rabi. A ta mutum 120 yana ba da ɗaya cikin 65, kusan ba bambanci.

Abin da ya fi kamata a riƙe shi ne waɗannan lambobi rufi ne, ba hasashe ba. "Ba zai wuce ɗaya cikin 64 ba" ba ya nufin zai faru sau ɗaya cikin 64. Ga misalin da ake iya lissafa gaskiyarsa. Jefa kwabo sama sau 100. Matsakaicin faɗowar fuska guda 50 ne, warwatsuwa 25, sigma 5. Mece ce yiwuwar wannan fuska ta fito sau 75 ko fiye? Markov ta ce ba ta wuce biyu cikin uku ba. Chebyshev ta ce 25 bisa 625, ɗaya cikin 25. Ainihin amsar kuwa kusan ɗaya ce cikin miliyan uku da rabi. Ba wadda ta yi ƙarya. Game da kwabo mun san ƙarin abu, cewa kowace jifa ba ruwanta da ta baya, kuma ƙa'idojin biyu ba su yi amfani da cikakken ƙarfin wannan sani ba. An gina su ne don su tsaya ko a mafi munin yanayi, shi ya sa suke da amfani inda ba a san siffar abin ba, suke kuma yin sako-sako inda aka sani.

Wurin da aka fi cutuwa a aikace ba cikin ƙa'idar yake ba, cikin sigma yake. Hujjar tana magana ne a kan sigma ta gaskiya, mu kuma wadda muka ciro daga rajista ce a hannunmu. Idan rajistar ta watannin da ake zaune lafiya ce, ba ta ga damina ba, ba ta ga zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari ko amai da gudawa sun ɓarke ba, to 10 ɗin nan ta yi kaɗan. Duba abin da rana guda ke yi. Cikin kwana 100, a ce 99 suna tafiya yadda muka saba, ɗaya kuma mutum 340 suka zo. Tazararta 300, a ninka da kanta 90,000, a raba wa kwana 100, ta ƙara kusan 900 a kan warwatsuwa. Daga 100 an koma wajen 1,000, sigma ta tashi daga 10 zuwa kusan 31, tanadin da muka ce 90 ya koma kusan 200.

Akwai gwaji mai sauƙi. Cire rana mafi yawan jama'a daga rajistar, ka sake lissafa sigma. Idan ta ɗan motsa kawai, lambarka tana da ƙafa. Idan ta faɗi da rabi ko fiye, 'yan ranaku ƙalilan ne ke riƙe da ita, kuma wata rana irinsu a shekara mai zuwa za ta iya sake canja ta. A irin wannan hali sai a nemo rajistar shekaru da dama, a kuma lissafa wa damina nata matsakaici da tata sigma daban da na rani, a yi wa kowanne tanadinsa.