Amsa daidai, maki ya tafi: wasiƙar neman a sake duba takarda

Duk lokacin da aka raba takardun gwajin lissafi a jami'a, ba a rasa ɗalibin da zai ce an cuce shi: amsarsa daidai ce, amma an ba shi maki biyu cikin shida. Daga nan sai rubuta wa malami wasiƙa.

Mu ɗauki tambaya: a warware x² − 5x + 6 = 0. Ɗalibi ya rubuta x = 2 ko x = 3, ya wuce. Bai yi kuskure ba. Sai dai malami yana da tsarin rabon maki tun kafin ya taɓa jan biro. A ce biyu na rarraba lissafin zuwa (x − 2)(x − 3) = 0, biyu na daidaita kowane ɓangare da sifili, biyu na amsa. Wannan ɗalibi ya bar huɗu a ƙasa. Ya ma yi sa'a, don a tsarin WAEC makin amsa yakan rataya ne a kan makin hanya. In babu hanya, amsar ma ba ta cin komai. Dalili a fili yake: kalkuleta na iya fitar da 2 da 3, haka ma leƙen takardar na kusa.

Saboda haka, kafin ka ɗauki biro, ka tambayi kanka: aikin ban rubuta shi ba ne, ko na rubuta malam bai gani ba? In a ka ka yi shi, magana ta ƙare. Malami ba ya ba da maki a kan abin da ba ya cikin takarda, ko da za ka warware masa tambayar a ofis yana kallo.

In kuwa aikin yana bayan shafi, ko a ƙarin takardar da ka haɗa, kana da hujja. Sai ka sa sunanka, lambar rajista da sunan kwas, sannan ka tafi kai tsaye: “Malam, ina roƙon a sake duba tambaya ta uku. Matakan suna shafin ƙarshe, na manta ban nuna cewa na ci gaba a can ba.” Amincewa da wannan sakaci ya fi zargin malami amfani. Labarin rashin lafiyar kaka da “amma wane ya samu biyar” kuwa, a bar su a gida.

A jarrabawar ƙarshen zango, malami shi kaɗai ba ya canza sakamakon da aka riga aka amince da shi. Galibi ta hannun shugaban sashe ake bi, cikin ƙayyadadden lokaci. Kuma ka sani, mai sake duba takarda yana iya gano makin da aka ba ka bisa kuskure, ya zare shi.