Hoto ɗaya, harshe biyu: Yadda ake rubuta tallan shadda da hula don masu saye na gida da na waje

A Kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, ciniki ya daɗe da wuce bakin shago. Ɗan kasuwa zai ɗauki hoton shadda ko hula da wayarsa, ya ɗora a Instagram ko WhatsApp, kafin la'asar saƙonni sun shigo daga Kaduna da Maraɗi da Landan. Hoton ɗaya ne, amma ɗan bayanin da ke ƙarƙashinsa ne yake yanke hukuncin ko mai saye zai tura kuɗi, ko kuma ya wuce gaba.

Yawancin masu irin wannan sana'a suna rubuta bayanin da Hausa, sannan su juya shi zuwa Turanci kalma bayan kalma. A nan ake yin asara, domin mai karatu na gida da na waje ba abu ɗaya suke buƙatar sani ba. Bakano ya san shadda tun yana yaro, abin da yake nema farashi ne da wurin karɓa. Wanda ke Birtaniya, wataƙila ɗan Bahaushe ne da aka haifa a can, ko Bayarabe, ko ɗan Senegal, yana buƙatar a gaya masa mene ne kayan, nawa ne tsawonsa, kuma yaushe zai iso hannunsa.

Layin farko

Instagram yana ba mutum damar rubuta haruffa har 2,200 a ƙarƙashin hoto, amma ɗan abin da ke farko kawai ake gani, kimanin haruffa 125, sauran kuma sai an taɓa kalmar "more". Mai latsa waya yana sauri ba kasafai yake taɓawa ba.

Ke nan wanda ya fara da doguwar sallama da gaisuwar Juma'a da addu'ar buɗi ya cinye wurin da ya fi tsada kafin ya ambaci abin da yake sayarwa. Gaisuwa ba laifi ba ce, kuma tallan Hausa da babu ita yakan yi gauɗa-gauɗa a kunne, amma mazauninta ƙasa ne. Layin farko na sunan kaya ne da adadinsa. Idan Hausa ce a sama, yana da kyau sunan Turancin ya fito a wannan layin shi ma, don baƙo ya gane cewa akwai nasa rabon idan ya buɗe.

Wane harshe zai hau sama? Wanda mafi yawan masu biyan kuɗi suke karantawa. Ana gane haka daga littafin ciniki, ba daga yawan mabiya ba.

Suna ba a fassara shi, nemo shi ake yi

Shadda tana da sunaye da dama a duniya. A Turancin kasuwa ana ce mata "guinea brocade", a ƙasashen da ke amfani da Faransanci irin su Mali da Senegal kuma "bazin". Atamfa ita ce "ankara" ko "African wax print". Mai neman hula a waje yakan rubuta "kufi", domin kalmar "cap" ita kaɗai hular hana-salla take kawo masa. Turaren wuta kuwa, da yawa sun fi saninsa da "bakhoor", kuma wanda ya fassara shi kai tsaye ya haɗa turare da wuta a Turanci zai ba mutane dariya ne kawai.

Hanyar da ta fi ita ce a bar sunan Hausa yadda yake, a jera masa sunan da ake nemansa da shi a waje. Sunan Hausar yana tabbatar wa ɗan gida da ke zaune a waje cewa kayan na asali ne, ɗayan sunan kuma shi ne ke sa a same shi a wurin bincike.

Akwai kuma Turancin da ba ya ƙetare iyakar Najeriya. "Waybill" a nan yana nufin an ba direba saƙo a tasha, amma a wurin Bature takardar rakiyar kaya ce kawai. "Native" da muke kiran ɗinkin gargajiya da shi, da "material" a matsayin sunan wani nau'in yadi, duk ba sa isar da saƙon da ake nufi.

Inda awo ke jawo rigima

A ɗauki misalin mai shago da ke da shadda yadi biyar da hular Zanna Bukar da ta dace da ita, yana so ya sayar da su tare kafin Sallah. A Hausa ya rubuta yadi biyar. Da ya zo Turanci sai ya rubuta mita biyar, don a tunaninsa duk tafiyar ɗaya ce.

Ba ɗaya ba ce. Yadi inci 36 ne, wato ɗan fiye da santimita 91, mita kuwa santimita 100 ce. Yadi biyar mita 4.57 ne. Wanda ya biya kuɗin mita biyar zai tarar an rage masa santimita 43, kusan rabin yadi, kuma wannan ya isa ya sa tela ya ce hannun riga ba zai fita ba. Mai saye ba zai ɗauka kuskure ba ne, zai ce an cuce shi. Haka turmin atamfa mai yadi shida bai cika mita biyar da rabi ba, da ɗan kaɗan.

Hula ta fi haka wuya, don ba a rage ta, ba a ƙara ta. Lambar da ake kira a kasuwa, 22 ko 23, zagayen kai ne da inci. Mai saye a Jamus ko Faransa da santimita yake awo, saboda haka lamba 22 a wurinsa kusan santimita 56 ce, lamba 23 kuma ɗan fiye da 58. Dole ɓangaren Turanci ya faɗi wannan, ya kuma gaya masa ya zagaya tef ɗin awo a kansa, ɗan sama da kunne. Ɓangaren Hausa bai buƙatar wannan darasi ko kaɗan.

Ga yadda bayanin zai iya kasancewa, tare da farashin da aka sa don misali kawai:

```
Shadda yadi 5 da hular Zanna Bukar | Guinea brocade (bazin) + kufi
Naira 60,000. Hula lamba 22 da 23.
Muna aikawa ko'ina a Najeriya, kuɗin mota daban.

5 yards (4.57 m), uncut. Cap sizes 22 in (56 cm), 23 in (58 cm).
NGN 60,000. Shipping and customs charges not included.
```

Ɓangarorin biyu ba fassarar juna ba ne. Na Hausa ya yi maganar kuɗin mota, na Turanci ya yi maganar kuɗin jigila da na kwastan, wanda a ƙasashe da yawa mai karɓar kaya ne yake biya. Amma sunan kaya da adadi da farashi iri ɗaya ne a duka biyun, kuma haka ya kamata, domin dubban masu saye suna karanta harsunan biyu. Ranar da ɗayansu ya ga farashin Turanci ya ɗara na Hausa ba tare da dalili ba, ya bar shagon ke nan, kuma zai gaya wa 'yan uwansa.

Dala ba dala ba ce

Batun kuɗi yana da tarko ko a cikin Hausar kanta. A Najeriya, dala kuɗin Amurka ce. A Nijar kuwa dala ɗaya saifa biyar ce, shi ya sa dala ashirin take nufin saifa 100. Jaka a bakin dattawan kasuwa a Najeriya naira 200 ce, a Nijar kuma saifa 1,000. Mai talla da ya rubuta wa mutumin Damagaram "dala hamsin" yana nufin ta Amurka, ya buɗe ƙofar gardama. Maganin shi ne a rubuta adadi da lambobi, a ambaci sunan kuɗin a fili: naira, saifa, ko dalar Amurka.

Wannan ya kuma nuna cewa ba kowane mai saye na waje ne Turanci yake yi wa amfani ba. Ga abokin ciniki na Nijar ko Chadi ko Sudan, ɓangaren Hausar ne na ƙasa da ƙasa, don haka cika shi da kalmomin Turancin Najeriya yana korar su.

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwar canji a watan Yunin 2023, rubuta farashin fam ko dala a ƙarƙashin hoton da zai shekara a shafi ya zama kasada. Ya fi sauƙi a tsaya a kan naira, idan kuma an sa kuɗin waje a rubuta ranar da aka yi lissafin. Ranar ma a rubuta sunan watanta, domin 03/04 uku ga Afrilu ce a Najeriya da Birtaniya, amma huɗu ga Maris ce a Amurka.

Alƙawarin isowa

"Zai iso kafin Sallah in sha Allahu" magana ce da Bahaushe ya san nauyinta. Idan aka mayar da ita Turanci ba tare da adadin kwanaki ba, ko dai ta zama alƙawarin da za a kama mai shago da shi, ko ta zama maganar da ba ta faɗi komai ba. Abin da ke aiki shi ne a rubuta kwanakin da kamfanin jigila ya bayar, a ƙara ranar ƙarshe da za a karɓi odar Sallah.

Wani lokaci kuma aikin ɓangaren Turanci shi ne ya ce a'a. Masu haɗa kayan sawa da kilishi a shafi ɗaya su sani cewa Birtaniya da Amurka suna da tsauraran dokoki kan shigar da nama, kuma ƙunshin da aka aika daga Najeriya yana iya ƙarewa a hannun jami'an kan iyaka. Gara a rubuta a fili cewa cikin Najeriya kawai ake aikawa. A kuma ambaci cewa akwai gyaɗa a ciki, da kalmar "peanuts" wadda kowa ya sani, domin akwai mutanen da cin gyaɗa ke iya kai su asibiti. Humrar da aka haɗa da sinadari mai kama wuta ita ma kamfanonin jigilar sama suna da sharuɗɗa a kanta, sai an tambaye su kafin a yi wa kowa alƙawari.

Mai shago zai iya gane ko bayaninsa yana aiki daga saƙonnin da ke shigo masa. Idan mutum biyar sun tambayi tsawon shadda a mako guda, to awon bai fito ba. Idan masu tambaya da Turanci suna ɓacewa da zarar sun ji kuɗin jigila, to ya kamata a faɗe shi tun a ƙarƙashin hoton. Idan kuma huluna ne ake ƙorafin sun matse ko sun yi yawa, layin santimita ne ya ɓace, sai a koma a gyara shi a duk tsofaffin hotunan da ke shafin.